Layi na Goma Sha Tara

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aiki a mangazar hatsi ta Madawa, ba na jin zan manta da ranar da na ga yadda lamba ɗaya tak ta kusa kai wani dattijo hannun jandarmomi. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, domin abin bai kai ƙwayar gero girma ba, amma shekara guda ya yi yana juya motoci da mutane da mutuncinsu, mu kuwa muna zaune a gabansa ba mu gani ba.

Mangazar, wato babban ɗakin ajiyar amfanin gona, ta wata ƙungiyar manoma ce. A kaka ana sayen hatsi, wato gero, da dawa a tara, sannan a riƙa aika wa bankunan cimaka, wato rumbunan tsimi na ƙauyuka, kaɗan kaɗan, tun daga wajajen Galma da Bangi har zuwa cikin duwatsun Buza da Keita. Babban biro, wato ofishin ƙungiyar, yana Tawa, daga can ake ƙaro mana kaya idan namu ya yi ƙasa. Mu biyu ne a bakin aikin. Akwai dattijon da ke riƙe da makullai, wanda ya shekara goma sha tara yana buɗe ƙofar nan, kowa Baba yake ce masa. Sai ni, da na koyo aikin ordinata, wato kwamfuta, a Tawa, aka ɗauke ni in riƙa rubuta shiga da fitar kaya. Duk buhun da zai fita sai an cika masa takardar da muke ce wa bon, Baba ya ƙirga ya sa hannu, direba ya sa hannu, sannan takardar ta zo teburina.

Sai na ɗan bayyana yadda tablon, wato jadawalin lissafin, yake, don a nan duk maganar take. Kowane wata yana da shafinsa a cikin ordinata. Kowane ƙauye yana da layinsa, daga layi na biyar zuwa na goma sha takwas, ƙauyuka goma sha huɗu ke nan. A jerin ƙananan akwatunan da muke ce wa gidaje, waɗanda ke ƙarƙashin harafin D, nake rubuta buhunan da aka aika wa kowane ƙauye. A ƙasansu akwai gidan jimilla, wanda ba a rubuta masa lamba da hannu, umarni ne a ɓoye a cikinsa, abin da muke kira formil: =SOMME(D5:D18). Ma'anarsa, tara duk abin da ke tsakanin layi na biyar da na goma sha takwas. Daga nan wani formil ya ɗauki abin da aka fara wata da shi, ya ƙara abin da ya shigo, ya cire wannan jimillar, abin da ya rage shi ne ragowar mangaza. Ragowar watan nan kuma ita ce ke zama mafarin watan gobe, da kanta take tsallakawa. Idan sabon wata ya kama sai in kwafi shafin da ya wuce, in goge lambobin ƙauyuka, formil ɗin su zauna yadda suke. A ƙarshen wata in buga rahoto, darektan da ke samanmu ya sa hannu, a aika Tawa.

Ni a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni. Baba yana da wani tsohon littafi mai bangon fata da yake rubuta nasa lissafin da ajami, ni kuwa dariya abin yake ba ni. Ba a taɓa nuna masa rahoton wata ba, tunda da Faransanci ake bugawa, shi ma bai taɓa nema ba. Sau ɗaya kawai, cikin damina, da motar Tawa ta zo da kaya ƙasa da yadda ya sa rai, ya leƙo biro ya tambaye ni ko can sun san abin da ya rage mana kuwa. Na ce masa duk wata suna samun rahoto, kuma ordinata ba ta kuskure. Ya jinjina kai ya koma bakin ƙofarsa. Da na ce masa a lokacin ya kawo littafinsa mu gwada, da duk abin da zan faɗa bai faru ba.

Sau ɗaya a shekara ake ƙirga mangaza buhu buhu, a ƙarshen Afirilu. A shekarar, kwantarola, mai binciken lissafi, ya zo daga Tawa, wani mutum siriri mai tabarau, ba shi da hayaniya kuma ba shi da wasa. Kwana biyu 'yan dako suna sauke buhuna suna sake jerawa cikin zafin nan da ko inuwa ba ta da daɗi. Dawa ta fito daidai. Hatsi kuwa, rahoto ya ce akwai buhu dubu ɗaya da arba'in da shida, ƙirga ta ba da ɗari takwas da talatin da biyu. Aka sake ƙirgawa, haka dai. Buhu ɗari biyu da goma sha huɗu babu su.

Kwantarolan bai yi ha'inci a aikinsa ba, wannan zan shaide shi. Ya ɗauko bon na shekara gaba ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da abin da na rubuta a layin kowane ƙauye, yana sa alama da jan alƙalami. Ko ɗaya bai saɓa ba. Abin da bai yi ba shi ne ya sake tara jimillar da hannunsa, to wa zai tsaya tara abin da ordinata ta riga ta tara? Tunda takardu sun cika, kuma kaya ba su cika ba, sai hankali ya koma kan mai makulli. Baba ya kawo littafinsa ya nuna cewa shi ɗari takwas da talatin da biyu ya rubuta tun kafin a ƙirga. Kwantarola ya ce wannan ba hujja ba ce, wanda ya fitar da kaya ai shi ya fi kowa sanin abin da ya bari. Har ma daidaituwar dawa ta zama abin zargi, aka ce mai ɗiba ya san hatsi ya fi shiga kasuwa.

A gabana darekta ya karɓi makullan. Baba ya kwance su daga igiyar da ke ɗaure a aljihun rigarsa, ya ajiye a tebur, ya ce Allah yana gani. Aka ba shi mako biyu ya kawo bayani, in ba haka ba takarda ta wuce wurin jandarmomi. Kafin kwana uku magana ta zaga gari. Ɗansa da ke cin rani a Abijan ya aiko an yi wa tsohuwarsa ɗakin siminti a shekarar, sai ɗakin nan ya zama shaida a bakin mutane. Duk da haka kullum da safe sai ya zo ya shimfiɗa buzunsa a gindin itacen bedi, wato dalbejiya, da ke kallon ƙofar mangaza, ya zauna da tasbaharsa har azahar. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, na fara tunanin ko ya yi ɗin ne. Nakan gaishe shi da sauri in shige.

Saura kwana huɗu wa'adin ya cika, ranar Alhamis da hantsi, wata mata ta shigo biro. Ita ce shugabar matan wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Tabotaki, ƙauyen da ya shiga ƙungiyarmu a watan Mayun shekarar da ta gabata, shi ne na goma sha biyar. Mace ce doguwa, ta sha hanya a bayan babur, zanenta duk ja da ƙasar dutse. Ta ce za su yi taron shekara, mazan garin suna cewa mata ba su iya riƙon banki ba, don haka tana son takarda mai hatimi da ta nuna duk abin da aka aika masu tun daga farko, ta karanta masu a bainar jama'a.

Irin wannan ba ni da shi a shirye, sai na riƙa buɗe shafukan wata wata ina kwafe lambar layinsu a takarda. Mayu goma sha biyu, Yuni ashirin da biyar, Yuli talatin da huɗu, Agusta arba'in, haka har zuwa Afirilu. Na ɗauki ƙaramar na'urar lissafi ta hannu na tara. Ta ba ni ɗari biyu da goma sha huɗu.

Na daɗe ina kallon lambar. Kwana goma ina jin ta a bakin kowa, har a mafarki. Na goge na sake tarawa, ta sake fitowa. Matar ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata ta ɗan jira ni.

Na koma shafin Afirilu, na ja suri, ɗan abin da ake nuni da shi a allo, tun daga layi na biyar har zuwa layin ƙauyensu, na goma sha tara, duk suka yi shuɗi. In ka zaɓi gidaje haka, can ƙasan allo ordinata kan nuna maka jimillarsu da ƙananan haruffa. Na duba ta, na duba gidan jimillar da ke layi na ashirin. Sun bambanta da ashirin da uku, daidai abin da aka aika wa ƙauyen a watan. Na danna gidan jimillar sau biyu, formil ɗin ya buɗe, wani shuɗin zare ya kewaye gidajen da yake tarawa. Zaren ya sauko tun daga sama ya tsaya cak a layi na goma sha takwas. Na goma sha tara yana waje, kamar baƙon da aka bari a bakin zaure. A kusurwar gidan jimillar kuma ga wani ɗan koren tabo, wanda shekara guda ina ganinsa ina ɗauka ado ne. Na kai suri kansa, sai ga rubutu ya fito yana cewa formil ɗin ya bar wani gida da ke maƙwabtaka da shi. Ashe tun ranar farko na'urar take faɗa mini, ni ce ban saurara ba.

Nan take ranar ta dawo mini. Da ƙauyen ya shiga, ni na buɗe sabon layi a ƙasan na ƙarshe, daf da jimilla, na manna sunansa da lambarsa daga wani fayil da aka kawo mini. Da a tsakiyar jerin na buɗe shi, da formil ɗin ya miƙe da kansa ya haɗa da shi. Da yake a gefe na sa shi, sai iyakar ta zauna a sha takwas. Sannan na kwafi shafin nan sau goma sha ɗaya da cutarsa a ciki. Kowane wata buhunan ƙauyen suna fita da ƙafarsu a mota, amma a takarda suna nan kwance a mangaza, ragowar ƙarya ta tsallaka watan gaba, wata ta hau kanta. Dawa ta tsira ne don ƙauyen bai taɓa karɓar dawa ba.

Na ba matar takardarta ta tafi tana godiya, ba ta san abin da ta kawo ba. Ni kuwa na zauna zufa tana zubo mini. Ba wanda ya san abin nan sai ni. Zuciya ta ce in yi shiru, wata ta ce in ce na'ura ce ta lalace. Ina da 'ya'ya biyu, mijina ba shi da aiki tsayayye, kuma na san mata nawa ne a garin ke jiran kujerar nan. Na ɗaga kai ta taga, sai na hango Baba a gindin bedi yana kakkaɓe buzunsa zai tafi masallaci. Ya naɗe shi a hankali, ya tsaya ya dubi ƙofar mangaza kamar mai sallama da wani. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Darekta yana cin abinci na shiga. Na ce masa, "Ranka shi daɗe, hatsin ba su ɓace ba. Ni na ɓata lissahi." Ya ajiye cokali, ya biyo ni, na nuna masa zaren da inda ya tsaya. Ya daɗe tsaye a bayana yana kallon allon, domin rahoto goma sha biyun nan duk da sa hannunsa suka tafi. Daga baya ya ɗauki waya ya kira Tawa.

Ranar Asabar kwantarola ya dawo. Aka taru a ɗan birona, shi da darekta da dattawa uku na kwamitin ƙungiyar, aka aika a kira Baba. Kwantarola ya ce bai yarda da daidaituwar lamba ɗaya ba, tana iya zama sa'a. Ya ce a yi haka: Baba ya zauna can bakin ƙofa inda ba ya ganin allo, ya karanto ragowar kowane wata daga littafinsa, sannan ni in gyara formil ɗin watan, a ga abin da zai fito. Aka ajiye kwafin tsohon fayil a gefe don shaida.

Baba ya buɗe littafinsa ya lashi yatsa. Ya ce ƙarshen Mayu, dubu ɗaya da ɗari biyar da goma sha takwas. Allo yana nuna dubu ɗaya da ɗari biyar da talatin. Na goge takwas ɗin da ke cikin D18 na sa tara, na danna. Lambar ta juya ta koma daidai abin da ya faɗa. Kwantarola ya ce a ci gaba. Ya faɗi ta Yuni, na gyara, ta faɗo kan tasa. Ya faɗi ta Yuli, haka. Da muka kai Satumba sai na lura ya rufe littafin ya ɗora a gwiwa, da ka yake kawo su, idonsa a kan tabarma. Wani dattijon kwamiti ya fara salati ƙasa ƙasa. Ni kuwa yatsana yana danna madanni ina jin kamar ba ni ba ce. Ga na'urar da aka ƙera a wata duniya, ga tsoho da alƙalamin kara, kowanne ya bi hanyarsa shekara guda, kuma ga su suna haɗuwa wata bayan wata, ko buhu ɗaya bai raba su ba. Da na gyara Afirilu, allo ya nuna ɗari takwas da talatin da biyu.

Kwantarola ya cire tabaransa ya riƙe a hannu. Sai ya tashi ya je har bakin ƙofa ya durƙusa a gaban Baba, ya nemi gafara. Ni ma na sauko daga kujera na durƙusa ina kuka. Baba ya dube ni ya ce, "Tashi, ɗiyata. Kuskure na kowa na. Wanda ya gane nashi ya kawo shi da ƙahwatai, ba ya da sauran bashi wurina."

Darekta ya miƙa masa makullai, bai karɓa nan da nan ba. Ya ce, "Cikin ɗaki kunka wanke ni, amma a kasuwa anka ɓata ni. Ku tahi can ku hwaɗi." Haka kuwa aka yi. Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame salla, shugaban kwamiti ya tashi a masallacin unguwarsu ya yi bayani, ranar kasuwa kuma aka sa mai shela. Sai bayan nan ya mayar da makullan a igiyarsu.

Abin bai tsaya a kan mutuncin mutum ɗaya ba, wannan sai daga baya na gane, kuma shi ya fi tsorata ni. Tawa tana auna abin da za ta ƙaro mana ne da lambobi biyu na rahotona, abin da ya rage da abin da ke fita a wata. Na farkon na kumbura shi, na biyun na rage shi, don haka ta fuska biyu ake ganin muna da wadata. Shi ya sa motar damina ta zo da kaya kaɗan. A Agustan nan, lokacin da rumbuna suka ƙare kuma sabon hatsi bai nuna ba, sai da Baba ya rage wa wasu ƙauyukan Keita rabonsu don kada mangaza ta sauka ƙasa da abin da ya san dole a bari. Akwai gidajen da suka auna tiya biyu inda da uku za su auna, kuma ba su taɓa jin sunana ba. Wannan ba shi gyaruwa. Abin da ya gyaru shi ne na shekarar da muke ciki: da aka aika rahoton gaskiya, Tawa ta sake lissafi ta turo ƙarin kaya, muka raba wa ƙauyukan dutse kafin ruwan farko ya cika ƙoramu ya yanke hanya. Da matar nan ta makara da wata ɗaya, ko motar ta zo ba ta da inda za ta bi.

An ba ni takardar gargaɗi, ba a kore ni ba, na kuma ji daga baya cewa Baba ne ya je ya roƙa. Na sake gina tablon. Na bar wani siririn layi babu komai a ƙasan ƙauyuka, formil ya haɗa har da shi, yadda duk sabon ƙauyen da aka sa a samansa dole ya shiga jimilla. Na ƙara gida ɗaya da ke gwada jimillar da abin da na tara daga bon da hannuna, in sun saɓa ya yi ja. Kuma kowane ƙarshen wata, kafin in buga komai, sai in ɗauki takardata in shiga mangaza, ni da Baba mu ƙirga jeri jeri. A nan na koyi yadda yake jera buhuna goma goma, yadda da kallo ɗaya zai gaya maka abin da ke cikin ɗaki.

Shekaru sun wuce, na bar Madawa, yanzu ni ke koya wa wasu aikin. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne na'ura ba ta ƙarya, amma kuma ba ta san gaskiya ba, abin da ka ce ta tara shi take tarawa, da biyayyar da za ta iya halaka mutum. Kuskuren da ya zo da hayaniya da wuri ake kama shi, wanda ya zo cikin tsabta, a buge da hatimi da sa hannu, shi ke kwana a gida. Don haka duk lokacin da takarda ta ce wani ɓarawo ne, kafin in dubi fuskarsa sai na fara buɗe gidan jimilla in ga inda zaren ya tsaya.